Ruwan zartsi da fuska: yadda za ku gane ko shi ne matsalar, da abin da ya kamata ku fara gyarawa kafin sayen filta

Tambayoyi biyu ake ta maimaita min, wai shin filtar da ake ɗaurawa a kan shawa tana maganin ruwan zartsi, sannan wai in mutum ya gama wanke fuska ya ɗauraye da ruwan gora hakan ya wadatar? Masu tambayar kusan labarinsu ɗaya ne, sun koma sabon gida ko an canza musu inda ruwa ke fitowa, sai fuska ta fara bushewa tana ɗaurewa bayan wanka, ta yi furu-furu, wani lokaci har da ƙaiƙayi a kumatu, alhali sabulunsu da mansu ba su canza ba. Toh ga yadda ake bin abin daki-daki, kuma don Allah ku bi shi a jere, domin yawancin asarar kuɗin da ake yi daga tsallake matakin farko take zuwa.

Abu ɗaya nake so ku riƙe tun yanzu don shi zai sa ku gane duk sauran. Ruwan zartsi ruwa ne da kalsiyam da magnesiyam suka narke a cikinsa da yawa, kuma ɓarnar da yake wa fuska mafi yawanta ba shi kaɗai yake yi ba, sai ya haɗu da sabulu. Da zarar sun haɗu, wani ɓangare na sabulun sai ya koma wani farin dafi-dafi da ba ya narkewa a ruwa, shi ne wannan dattin da ke zagaye bakin bokiti ko baho bayan wanka. Irinsa ne ke maƙalewa a fata. Ga shi kuma sabulun ba ya kumfa, sai mutum ya ƙara gogawa, ya ƙara dirzawa, fata ta sha wahala sau biyu.

Mataki na 1: Ku auna ruwan tukuna

Alamun ido suna taimakawa: farin ɓawo a gindin abin dafa ruwa, ramukan kan shawa suna toshewa da farin abu, kofin gilashi ya bushe da ɗigo-ɗigon fari, sabulu ya ƙi kumfa. Amma ɗanɗano kada ku dogara da shi, akwai ruwan da yake da daɗin sha sosai amma cike yake da kalsiyam.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne na gora biyu. Ku samu gora biyu masu girma ɗaya, ɗaya ku zuba ruwan gidanku zuwa kashi ɗaya cikin uku, ɗayar ku zuba ruwan distil, wato wanda aka cire wa duk ma'adinai, daidai wannan yawan, ku kankare ɗan sabulun wanka na ainihi daidai wa daida ku zuba a kowacce, ku rufe ku girgiza sosai. Ruwa mai laushi zai tashi da kumfa mai yawa, mai zartsi kuwa kumfar kaɗan ce kuma ruwan ƙasa zai yi fari kamar an gauraya shi da alli. Hattara a nan: kada ku yi gwajin da omo ko sabulun wanke-wanke na ruwa, waɗannan an yi su ne don su yi kumfa ko a wane ruwa, za su nuna muku komai lafiya alhali ba haka ba ne.

In kuna son lamba, akwai 'yan takardun gwaji da ake tsomawa su canza launi, akwai kuma na ɗigawa irin wanda masu kiwon kifin ado ke amfani da shi, a jikinsa za ku ga an rubuta GH. Na ɗigawan ya fi daidai. A yawancinsu ana zuba ruwa mililita 5 a 'yar kwalba, ana ɗiga maganin ɗaya bayan ɗaya ana girgizawa har launi ya juya, kowane ɗigo kusan miligiram 18 ne a lita, amma ku karanta takardar naku don tabbatarwa. Ma'aunin da aka fi bi shi ne: daga 0 zuwa 60 ruwa mai laushi, 61 zuwa 120 matsakaici, 121 zuwa 180 mai zartsi, abin da ya haura 180 kuma mai zartsi sosai.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki shi ne amfani da 'yar mitar nan mai kama da biro wadda ke nuna TDS. Ita duk abin da ya narke a ruwa take haɗawa ta ba da lamba ɗaya, gishiri ne ko kalsiyam duk ɗaya ne a wajenta, don haka ba za ta faɗa muku ko ruwan na da zartsin da muke magana ba.

In gwajin ya nuna ƙasa da 100 gaskiya ku nemi mai laifin a wani wuri, ruwan zafi, sanyin iska mai busar da fata, ko wani sabon mai da aka fara shafawa.

Mataki na 2: Ku canza abin wanke fuska kafin ku taɓa ruwan

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne araha kuma a ganina ya fi kowanne tasiri, amma shi ake rainawa. Sabulu na ainihi, wanda aka yi da mai da soda, shi ne ya fi faɗa da kalsiyam. Sannan ma'aunin pH ɗinsa, wato lambar da ke sauka ga abu mai asid ta hau ga mai soda, yana wajen 9 zuwa 10, ita kuwa fatar mutum tana zaune ne a wajen 4.5 zuwa 5.5, wato ko ba zartsi ma yana tura fata inda ba ta so, in aka ƙara da dafi-dafin nan sai abin ya zama biyu.

Ku juya kwalin ko robar ku karanta jerin abubuwan da aka haɗa. In kun ga a farkon jerin an rubuta Sodium Palmate, Sodium Tallowate, Sodium Cocoate ko Potassium Stearate, toh sabulu ne na ainihi, ko da kuwa an rubuta na gargajiya ne ko na ganye ne ko na jarirai ne. Wanda kuke nema shi ne mai ɗauke da irin su Sodium Cocoyl Isethionate, Cocamidopropyl Betaine ko Decyl Glucoside, waɗannan ba sa daskarewa da kalsiyam kamar sabulu. In kuma kun ga Disodium EDTA can ƙasa-ƙasa a jerin, alheri ne, aikinsa shi ne ya kama kalsiyam ya riƙe shi.

Amma fa ba duk na ruwa ne mai taushi ba. A wani bincike da aka wallafa a 2018, masana daga jami'ar Sheffield da King's College London sun wanke fatar mutum 80 da Sodium Lauryl Sulfate a ruwa iri-iri, sai suka ga inda aka wanke da ruwa mai zartsi an fi samun ragowar sinadarin a kan fata, fatar ta fi zubar da danshinta kuma ta fi yin ja, musamman ga masu ekzima, ciwon bushewar fata da ƙaiƙayi, da ke da raunin wani furotin na fata mai suna filagirin. Don haka in kun ga wannan sunan a sahun farko na abin wanke fuska, ku ajiye shi.

Wani abu kuma, kada ku biye wa kumfa. Ɗan kaɗan daidai kan yatsa ya isa fuska gaba ɗaya, ko bai yi kumfa ba yana aikinsa.

Mataki na 3: Gyara yadda ake wankin

A nan ba zan daɗe ba. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, don zafi yana kwashe maiƙon fata. Shafawa da yatsu kamar rabin minti, ba soso ba dirza. Sau biyu a rana ya isa a sa abin wanki, masu busasshiyar fata ma da dare kawai. Kada ku bar ruwan ya bushe da kansa a fuska, domin ruwan ne zai tafi ya bar kalsiyam ɗinsa a wurin, ku danna tawul mai tsabta ku tsane shi, sannan ku shafa mai nan take fata na da ɗan danshi, mai ɗauke da gilisarin ko seramaid ya fi. Mai jiƙa fuska sau da yawa a rana da ruwa zalla, tsanewar nan da ɗan mai su ne kariyarsa.

Ku yi mataki na 2 da na 3 tsawon sati biyu zuwa huɗu ba tare da canza wani abu ba. Mutane da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa.

Mataki na 4: Ɗauraya ta ƙarshe, da yadda za a yi ta ta yi amfani

Toh ga inda ake ta tambaya. Ɗauraya da ruwa mai laushi a ƙarshe tana yin abu ɗaya, tana kore ruwan zartsin da ya saura a fuska kafin ya bushe. Wannan amfani ne amma ƙarami. Abin da ba ta yi sosai shi ne cire dafi-dafin da ya riga ya haɗu ya manne, tunda shi ba ya narkewa a ruwa ko wane iri ne. Wato in kun cuɗa fuska da sabulu na ainihi a ruwan zartsi sannan kuka watsa rabin kofi na ruwan gora a ƙarshe, kun zo ne bayan an gama ɓarnar.

Shawarata ita ce ku juya tsarin, ku yi wankin fuskar gaba ɗaya da ruwa mai laushin. Ba shi da yawa fa, da mililita 300 zuwa 500 an gama: ɗan kaɗan a jiƙa fuska, a shafa abin wanki, sauran a riƙa zubawa a tafin hannu ana ɗaurayewa, a kula da gefen hanci da bakin gashi da ƙarƙashin haɓa inda kumfa ke laɓewa. In wanka za ku yi, ku yi wankanku da ruwan gida ku bar fuska sai ƙarshe. Rabin lita sau ɗaya a rana lita 15 ne a wata, ku yi lissafin kuɗinsa da kanku ku ga ko zai yiwu.

Sai maganar wane ruwa. A nan ne mutane ke faɗawa rami, don ba kowane ruwan gora ne mai laushi ba, wasu ruwan ma'adinai masu tsada ma sun fi na famfonku zartsi. In akwai lambobi a jikin gorar, Ca shi ne kalsiyam, Mg kuma magnesiyam, ga lissafin:

```
zartsi (mg/L) = (Ca × 2.5) + (Mg × 4.1)
```

Misali gorar da aka rubuta Ca 70 da Mg 20, kun ga 175 a tara da 82 ya ba da 257, wannan mai zartsi sosai ne, bai da amfani a wannan aikin ko kaɗan. Wadda aka rubuta Ca 8 da Mg 2 kuwa tana wajen 28, ita ake nema. In babu lambobi, ku duba ko an ce an tace shi da RO, wato na'urar tacewa mai cire kusan duk ma'adinai, ko kawai ku tsoma takardar gwajinku.

Tafasa ruwa fa? Yana rage wani kaso ne kawai, wanda ke tare da bikabonet, shi ne ke zama farin ɓawon nan a tukunya. Wanda ke tare da salfet ko kilorayid ko kwana kuka yi kuna tafasawa yana nan, ƙaruwa ma zai yi tunda ruwan na ƙonewa. Hanyar gane irin naku ita ce ku tafasa na 'yan mintuna, ku bar shi ya huce ya kwanta, ku tsiyaye na sama a hankali ku bar na gindi, ku sake aunawa. In lambar ta faɗi sosai kun samu hanya mai sauƙi, in ba ta motsa ba kada ku ƙara ɓata gas.

Gargaɗi uku a kan wannan mataki. Na farko, ruwan da aka tafasa ko aka tace babu kilorin a cikinsa da zai kare shi, ku zuba a mazubi mai tsabta mai murfi, ku ƙarar cikin kwana ɗaya ko biyu, ku riƙa wanke mazubin. Na biyu, kada ku sa ruwan batir ko ruwan da ke ɗigowa daga na'urar sanyaya ɗaki a fuska, na batir ana iya rikita shi da mai asid kuma ba don fata aka yi shi ba, na na'urar kuma ya bi ta ƙura da ƙwayoyin cuta. Na uku, masu cewa a matsa lemon tsami ko a zuba binega a ruwan ɗauraya, eh asid yana narkar da dafi-dafin, amma a fuskar da ta riga ta tsattsage raɗaɗi zai yi ya ƙara kumburi, lemon tsami kuma in ya haɗu da rana yana iya barin baƙin tabo mai daɗewa. Ku bar su a wanke kan shawa.

Mataki na 5: Filta, wacce ke yin me

Filtar da ake ɗaurawa a shawa ko bakin famfo, galibi abin da ke cikinta gawayi ne da aka sarrafa, ko KDF wato garin tagulla da zinc, ko kalsiyam salfayit, ko bitamin C. Duka waɗannan kilorin suke ragewa, wasu su ɗan tare tsatsa da laka. Ba sa cire kalsiyam da magnesiyam da suka narke, ko da an rubuta mataki goma sha biyar a kwalin. In ruwanku na hukumar ruwa ne mai warin kilorin, za ku iya jin sauƙi da ita, amma saboda kilorin ɗin ne. In kuma na rijiya ne ko burtsatse da ba a sa masa kilorin ba, kusan babu aikin da za ta yi muku. Haka filtar zare da ta tangaran, datti suke tarewa kawai. Na'urorin maganaɗisu da ake naɗawa a bututu su ma ba sa fitar da komai daga ruwan, kalsiyam ɗin da ya shiga shi ne zai fito.

Abubuwa biyu ne ke cire zartsi da gaske. Na ɗaya softina, tanki ne cike da 'yan ƙwayoyin rezin da ke karɓe kalsiyam su saki sodiyam a madadinsa, in sun cika a wanke su da ruwan gishiri su dawo aiki. Alamar da za ku gane ta ita ce tana shan gishiri, duk abin da aka ce softina ne amma ba a zuba masa gishiri kuma ba a canza rezin ɗinsa, ku yi shakka. Ita ce mafi tsada, ga kuɗin mai haɗa famfo ga gishiri kullum, kuma akan bar famfon sha ɗaya ba a bi da shi ta ciki ba. In kun sa ta za ku ji ruwan na santsi a jiki kamar sabulu bai fita ba, haka yake, ba matsala ba ce. Na biyu RO, wadda ake sawa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, tana cire kusan duk ma'adinan amma a hankali take tacewa kuma tana zubar da ruwa mai yawa, ba za ta iya da shawa ba, sai dai rabin litar wanke fuska ba komai ba ce a wajenta. Wanda yake da ita a gida don sha ya riga ya mallaki maganin bai sani ba. Akwai kuma jug mai filta da aka sa wa ɗan rezin, yana rage zartsi amma a ruwa mai ƙarfi yana saurin gajiya.

Kada kuma a ɗora wa softina buri fiye da kima. A Ingila an yi gwaji kan yara 336 masu ekzima da ke zaune a yankunan ruwa mai zartsi, aka sa wa gidajen wasu softina na tsawon sati 12, sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna fatarsu ba ta fi ta waɗanda suka ci gaba da maganinsu kawai samun sauƙi ba, a ma'aunin ma'aikatan jinyar da suka duba su. Don haka mai ekzima kada ya ajiye man da likita ya ba shi don ya sa na'ura.

Duk abin da kuka saya, ku auna ruwan da ke shiga da wanda ke fita da gwajin mataki na 1, a ranar farko sannan duk wata. Kada ku auna softina da mitar TDS, lambar ba za ta sauka ba ko tana aiki lafiya tunda musanya ta yi, sodiyam ya maye gurbin kalsiyam.

Mataki na 6: Yadda abin yake tafiya a aikace

Mu ɗauki mace da ta tare a gida mai ruwan burtsatse, fuskarta na ɗaurewa bayan wanka, gefen baki na saɓa. Ta yi gwajin ɗigawa launi ya juya a ɗigo na 14, wato kusan 250, mai zartsi sosai. Ta duba sabulunta ta ga Sodium Palmate ne a farko. Filtar shawa ta fita daga lissafi tun a nan tunda ruwanta ba kilorin. Sai ta koma abin wanki marar sabulu da dare kawai, tana tsanewa tana shafa mai, ta ba shi sati uku. A ce ɗaurewar ta ragu amma saɓar ba ta tafi duka ba, sai ta tafasa ruwan ta sake aunawa ta samu ɗigo 6, kusan 108, wato yawancin zartsin nata irin mai fita da tafasa ne. Daga nan ta riƙa ware rabin lita kullum don fuska, ba ta sayi na'ura ko ɗaya ba. Da a ce bayan tafasawa ta samu 12 ko 13, sai ta koma ruwan RO ko na gora mai ƙaramar lamba. Abu ɗaya take canzawa a lokaci guda, shi ya sa take sanin wanne ya yi aiki, in da ta canza huɗu a rana ɗaya da sai ta yi ta biyan kuɗin huɗun har abada.

Mataki na 7: Inda ruwa ba shi ne mai laifi ba

Ƙurajen fuska suna da nasu dalilan, maiƙo da toshewar ramukan fata da sinadaran jiki, bushewa da dirza na iya tsananta su amma canza ruwa ba zai maye gurbin maganinsu ba. Duhun da wasu ke gani ma ba ruwan ne ke rina fata ba, wani furu-furun bushewa ne da ke dusashe ta, wani kuma tabon da susa da kumburi suka bari, kuma man bilicin ko mai ɗauke da sitiroyid ba tare da likita ba zai ƙara siranta fatar ne ya sa komai ya riƙa yi mata zafi, har ruwa zalla.

In kun yi sati huɗu zuwa shida kuna wanke fuska da ruwa mai laushi da abin wanki mai taushi babu canji, ko fatar tana tsagewa tana fitar da ruwa, ko ta yi ɓawo mai launin zuma, ko fatar ido ta kumbura, ku je wurin likitan fata, ku tafi da duk abin da kuke shafawa a cikin robobinsu ya karanta da kansa.